Shayi da burodi, shinkafa, taliya: me ya rage a farantin?

Baban Khalifa Tela: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da tambaya, don Allah kada a mayar da ita raha. Ni tela ne a Sabon Gari, wuni nake a kan keke. Na daɗe ina fama da taurin bayan gida, sai in yi kwanaki ban zaga ba, in na shiga kuma sai da nishi. Na sha maganin basir irin na masu lasifika, ya wanke ni tas, bayan ɗan lokaci abu ya dawo. Da na je asibiti likita ya duba ni ya ce basir ɗin ma taurin ne ya jawo shi, kuma abincina ba faiba. To na koma sayen salak da kankana kullum, amma har yau jiya i yau. Ga cimata: da safe shayi da burodi, da rana shinkafa da miya da nama, da la'asar naɗin sosej da lemon kwalba, da dare taliyar leda da ƙwai a wurin mai shayi, wani lokacin tsire. Ina kuskuren yake?

Ɗan Samaru: Wa'alaikumus salam. Maigida zaƙi ne ya yi maka yawa. Ka bar lemon kwalba da sukarin shayi, ka riƙa ɗirkar ruwa, shi ke nan. Ni ban ga abin lissafi a nan ba.

Hajiya Gyallesu: Ikon Allah. Bazazzage guda, a garin fate, yana neman ganye a cikin salak. Baban Khalifa, yaushe rabonka da faten tsaki mai rama da wake?

Baban Khalifa Tela: Hajiya kin kama ni. Sai dai in an je gida cikin gari wurin tsohuwa. Yara ba sa ci, uwarsu kuma ta ce ba za ta yi girki biyu ba.

Malama Tudun Wada: Sannunku. Harkar abinci da gina jiki nake koyarwa, bari in sa baki. Ɗan Samaru, barin lemon kwalba alheri ne, ruwa ma ana buƙatarsa, amma in hanji ba shi da abin da zai riƙe ruwan, fitsari kawai za a yi ta yi. Abin da ke riƙe shi shi ne faiba, wato wannan ɓangaren na hatsi da wake da ganye da cikinmu ba ya iya narkarwa. Shi ke isa babban hanji, ya tsotsi ruwa, ya ba bayan gida auki da laushi.

Baban Khalifa, mu auna cimarka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya samu aƙalla giram 25 na faiba a rana. Farin burodi giram 100, wato kamar yanka uku masu ɗan kauri, yana da wajen giram 2 da rabi. Dafaffiyar farar shinkafa giram 100 ba ta kai rabin giram ba, don haka cikakken faranti mai giram 300 bai wuce giram 1 da 'yan kai ba. Miyar tumatir da ke kai, mu ba ta giram 1. Naɗin sosej, fulawar da aka naɗe shi da ita ce kawai ke da ɗan abu, mu ce 1. Taliyar leda wajen 2. Nama, ƙwai, madarar shayi, tsire: babu ko ɗigo, in ban da ɗan ƙulin da aka barbaɗa. In ka tara, 7 ne zuwa 8. Kana cin abinci sau huɗu, kana ƙoshi, amma kashi ɗaya cikin uku na abin da ake so kake samu.

Salak ɗin da ka ƙara kuwa, in latas ne da kokwamba, kusan duk ruwa ne. Ƙaramin faranti bai fi giram 1 ba. Kankana ma haka, faibarta daidai take da ta farar shinkafa, babban yanka giram 1 da ɗan wani abu. Ka tashi daga 8 ka koma 10, shi ya sa ba ka ga komai ba. Ba laifinka ba ne, da yawa in an ce musu su ci kayan lambu nan suke nufa.

Baban Khalifa Tela: Kai! Ashe kuɗina nake ta zubarwa a kankana. To Malama me zan ci?

Malama Tudun Wada: Kankana ba asara ba ce, tana da nata amfanin, wannan aikin ne dai ba nata ba. Mai ɗaukar nauyin shi ne wake. Dafaffen wake cikin kofin shayi ɗaya, kamar giram 150, yana ba ka wajen giram 10. Kofi ɗayan nan ya kai duk abin da kake samu daga safe zuwa dare.

Ba sai ka canza gidan da kake sayen abinci ba. Da rana ka ce wa mai abinci ta rage shinkafar da kashi ɗaya cikin uku, ta zuba maka wake kofi ɗaya, ta ɗora kabeji da karas ko kwaɗon zogale in tana da shi. Farantin da ke ba ka 2 ya koma wajen 13. Da la'asar, maimakon sosej, gwaiba ɗaya matsakaiciya wadda ta nuna, ka ci har ɓawonta, giram 5 ke nan. Da safe ka bar burodinka, ka haɗa da gyaɗa cikin tafin hannu, ta ƙara 2 da rabi, safiyar ta zama 5. Da dare mai shayi ya yanka maka kabeji da karas da yawa a taliyar, ta koma 4. Tara ka gani: 5 da 13 da 5 da 4, ka kai 27, kuma ba abin da ka daina ci sai sosej.

Maman Ilham: Anti Malama, mu dai tun da shinkafar waje ta yi tsada muka koma 'yar gida, wadda ake turarawa. Ai ita ce mai ruwan ƙasar da ake cewa ta fi faiba ko? Kalarta ma ba fara fat ba ce.

Malama Tudun Wada: Maman Ilham, rabi da rabi. Kalar nan daga turarawar ta fito. Ana jiƙa shinkafar da ƙaiƙayinta a turara a shanya, sannan a kai inji. Turarawar tana tura wasu sinadaran bitamin daga fatar zuwa cikin ƙwayar, shi ya sa ta fi wadda ba a turara ba amfani. Amma in inji ya goge ta, dusar ta tafi, kuma faibar a dusar take. Za ki samu wajen giram 1 a giram 100 na dafaffiya. Ta fi fara, amma ba ta kai mai ruwan ƙasa ta ainihi ba, wadda ƙaiƙayi kawai aka cire mata, ita tana kusa da giram 2. Ki duba ƙwayar: in santsi take tana sheƙi, an goge. In kina ganin ɗan jan fata-fata a jikinta, kamar wadda ƙaramin inji ya sheƙe sama-sama, to da saura. Ko ita ɗin ma, faranti guda giram 5 ne. Rabin kofin wake ya biya wannan.

Mai Shayin Kwangila: To ni dai na ga ana neman a kashe mana kasuwa. Burodi me ya yi? Kuma ai akwai na alkama, mai duhu, ina kawowa masu ciwon sukari suna saye.

Ɗan Samaru: Duk burodi ai na alkama ne, Malam. Fulawa daga ina take?

Malama Tudun Wada: Ɗan Samaru ya yi gaskiya a nan. Fulawa alkama ce da aka cire wa dusa da ƙwayar tsiro. Alkama sukutum tana da faiba sama da giram 10 a giram 100, fulawa ba ta kai 3 ba. Mai shayi, duhun burodi ba hujja ba ne, ana iya sa masa kala ko a ɗan barbaɗa dusa a kan fulawa. Ka ɗaga shi a hannu. Na garin alkama zalla yana da nauyi, ba ya tashi sosai, in ka matsa ba ya lotsewa kamar soso, kuma in ka yanka za ka ga ɗigo-ɗigon dusa har tsakiya. In da rubutu a ledar, abin da aka fara ambata a jerin kayan haɗi shi ya fi yawa a ciki. Ban ce a daina burodi ba, ka ga ma a lissafina na bar masa shi. Kai ma in ka ajiye kabeji da karas da gyaɗa a teburinka, ciniki ne ya ƙaru.

Mai Shayin Kwangila: Kabeji ina da shi. Matsalar samarin nan in ka zuba da yawa sai su ce ka cika musu taliya da ciyawa.

Baban Khalifa Tela: Malama akwai matsala fa. Ni wake ba ya yi mini. In na ci garau-garau cikina kumbura yake kamar ganga, ga iska, ga shago cike da mutane. Shi ya sa na guje shi.

Hajiya Gyallesu: Dahuwar ce. Masu sayarwa sauri suke. Ki ce wa uwargida, au, ka ce wa uwargida ta jiƙa shi tun dare, da safe ta zubar da ruwan, ta sa sabo, in ya tafasa ta sake zubarwa, sannan ta dafa har ya yi luguf. Mu da 'yar kanwa muke sawa.

Malama Tudun Wada: Hajiya ta faɗi rabin maganin. Akwai wani nau'in sukari a wake da cikinmu ba ya narkarwa, sai ƙwayoyin halittar da ke babban hanji su cinye shi su saki iska. Yana narkewa a ruwa, shi ya sa jiƙawa da zubar da ruwan ke rage shi, faibar kuma tana nan ba ta bin ruwa. Kanwa tana sa ya yi saurin nuna, amma tana lalata wani ɓangare na bitamin, kuma in ta yi yawa ita kanta tana ɓata ciki. In an jiƙa, da ƙyar ake buƙatarta.

Ɗaya rabin shi ne gaggawa, kuma nan ne mutane suka fi faɗuwa. Wanda hanjinsa ya saba da giram 8, in ya tashi rana ɗaya ya zuba masa 27, dole ya kumbura, ya murɗa, sai ya ce abin bai karɓe shi ba ya watsar. Lissafin da na yi maka inda za ka isa ne, ba inda za ka fara ba. Makon farko cokali uku ko huɗu na wake a kan shinkafar, ba ƙari. Mako na biyu ka ninka, ka shigo da gwaibar. Na uku ka kai kofi. Iska za ta ɗan ƙaru da farko, wannan ba alamar cuta ba ce, kuma yawanci tana lafawa in hanji ya saba. A nan ne maganar Ɗan Samaru ta ruwa ke shigowa: in ka ƙara faiba ba ka ƙara ruwa ba, musamman da zafin bazara, taurin na iya ƙaruwa. Ka ajiye gora kusa da keke. In fitsarinka ya yi duhu, ruwan bai isa ba. Kuma ka riƙa miƙewa kana ɗan takawa, zaman ma yana da nasa kason.

Yadda za ka gane ya fara aiki ba yawan shiga ba ne. Wani kullum yake zagawa, wani bayan kwana biyu, duk lafiya. Abin dubawa shi ne ya fito da laushi ba tare da yunƙuri ba, ba guntu-guntu masu tauri ba.

Baba Manomi Shika: Ni tsoho ne, ban san giram ba. Amma ina ganin ku 'yan birni kun ɗora wa shinkafa laifi kun manta da tuwo. Yau in aka kai masara inji, sai an ɓarza an surfe an wanke an sheƙe, gari ya fito fari ƙal kamar alli, dusar a ba akuya. To akuyar ce ke cin na kirkin. Mu da muka taso, dawa ce, surfen turmi sama-sama, ga kuka ga kuɓewa ga karkashi. Ban san wannan ciwon ba sai da na girma na ji shi a bakin mutane.

Malama Tudun Wada: Allah ya ƙara girma Baba, wannan ita ce maganar da ban kai ba. Wanda ya bar shinkafa ya koma farin tuwon masara da aka surfe tas, ko na semo, bai yi nisa ba. Dawa da gero da ba a surfe ba suna da giram 6 zuwa 8 a giram 100 na tsaba, yawancinsa a fatar. Haka kunu da koko: in aka tace ƙullu da kyalle, abin da ya rage a kyallen shi ne faibar. Kunun aya ma haka, a tauna ayar ya fi. Har lemon zaƙi, yadda muke yanke kansa mu tsotse mu yar da sauran, ruwan muka sha, faibar muka jefar. A ɓare a ci da totuwar.

Abin da Baba ya lura da shi, wani likita ɗan Birtaniya, Denis Burkitt, da ya yi aiki a Uganda, ya yi ta rubutu a kansa a shekarun 1970: ya ga mutanen karkara masu cin hatsi da dusarsa ba su cika fama da cututtukan hanjin da suka addabi Turawa ba.

Maman Ilham: To amma Anti, ni na ji an ce surfen yana cire dattin da ke jikin masara, irin wanda ke kama ta in ta yi fumfuna. Kuma tuwon da ba a surfa ba maigidana ba zai ci ba, ya ce baƙi ne, ba ya kwana.

Malama Tudun Wada: Abin da kika ji gaskiya ne. Masara da gyaɗa in ba su bushe da kyau ba, fumfuna na barin guba mai illa ga hanta, dahuwa ba ta kashe ta, kuma surfe da wanki suna rage ta. Don haka ba zan ce kowa ya niƙa masarar kasuwa da bai san yadda aka adana ta ba haka nan da dusarta. In taki ce ko kin yarda da bushewarta, ki tsince masu baƙi da waɗanda ƙwari suka huda, ki wanke, a yi surfe sama-sama. Garin ba ya daɗewa saboda man da ke cikinsa, a niƙa kaɗan-kaɗan.

Baba Manomi Shika: Ni ban yarda a ce tsoron fumfuna ya sa a ba akuya abinci ba. A shanya hatsi yadda ya kamata mana.

Hajiya Gyallesu: Baba, kai da rumbunka. Mu da muke awo a mudu fa? Ni dai ina surfe masarata, in cike da miya. Kuka, kuɓewa, ayoyo, taushe mai kabewa da alayyafo, ga wake a cikin fate. Ba sai an yi faɗa da maigida a kan kalar tuwo ba.

Sarkin Yanka: Yanzu na shigo, na ga ana cewa nama na kawo basir da cutar kansa. Haba jama'a. Kakanninmu ba su ci nama ba ne?

Ɗan Samaru: Ba wanda ya ce haka, koma sama ka karanta.

Malama Tudun Wada: Sarki, ba a hana nama ba. Cewa na yi ba shi da faiba, don haka in ya cika faranti ya ture abin da ke da ita. Wanda na ce a ajiye shi ne sarrafaffe: sosej, naman gwangwani, duk wanda aka adana da gishiri da hayaƙi da sinadarai. A 2015 sashen binciken cutar kansa na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa irin wannan naman cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar babban hanji, ya ce cin giram 50 kullum yana ƙara haɗarin da wajen kashi 18 cikin 100. A fahimta, ƙari ne a kan haɗarin da mutum ke da shi tun asali, ba wai mutum 18 cikin 100 za su kamu ba. Kalmar da ta fi nauyi a ciki ita ce kullum, kuma Baban Khalifa kullum yake ci.

Sarkin Yanka: To kilishi fa? Shi ma ai adana shi ake yi.

Malama Tudun Wada: An shanya shi, an sa gishiri, an gasa, don haka ni kusa da wancan layin nake ajiye shi, abin marmari ba abincin kullum ba. Tsire sabon nama ne da aka gasa, hukuncinsa na jan nama ne, a rage yawa, a guji inda ya ƙone. Ka ce a cika maka albasa da kabeji da tumatir, kada a ba ka yanka biyu na ado.

Sarkin Yanka: Kilishi ba sinadarin Bature a ciki, gyaɗa ce da yaji. Ban gamsu ba, amma na ji.

Nas Wusasa: Bari in tsoma baki kafin kowa ya tafi sayen wake. Baban Khalifa likita ya riga ya duba shi, shi ya sa ake masa maganar abinci. Wanda ke ganin jini a bayan gida, ko ya koma baƙi kamar kwalta, ko yana ramewa ba dalili, ko yanayin zagawarsa ya canza makonni ya ƙi komawa, musamman in ya haura 45, asibiti zai je, kada ya ce basir ne. In ciki ya kumbura, ga amai, ko iska ba ta fita, wannan na gaggawa ne, kada a ƙara masa wake ko maganin wankin ciki. Sannan wasu magunguna da kansu suke ƙulle ciki: ƙwayar ƙarin jini ta masu juna biyu, tiramadol, maganin tari mai kodin. Mai ciwon ƙoda kuma ya tambayi likitansa kafin ya ƙara wake da ganye da yawa.

Maman Ilham: Wallahi ƙwayar ƙarin jinin nan ita ke wahalar da ni yanzu. In daina?

Nas Wusasa: A'a, kada ki daina da kanki. Ki faɗa musu ranar awo, akwai yadda za su gyara miki shan ko su canza. Kafin nan ki bi tsarin Malama a hankali.

Baban Khalifa Tela: Na gode ƙwarai. Tambaya ta ƙarshe: ƙosai da alale fa, tun da ana wanke ɓawon waken? Kuma in gwaiba ta wuce me zan saya?

Malama Tudun Wada: Wanke ɓawon yana rage faibar amma bai ƙarar da ita ba, cikin waken ma yana da ita. Ƙosai da safe ya fi ƙarin yankan burodi, sai dai mai. Alale kuma ana iya markaɗa shi da ɓawonsa in injin na da kyau, kalar ce kawai za ta ɗan canza. In ba gwaiba, ga karas da hunturu, ga yalo, ga dafaffiyar gurjiya, dankalin Hausa da ɓawonsa, dabino, ko aya.

Hajiya Gyallesu: Alale da ɓawo? Malama wannan kam sai dai a gidanki. Baban Khalifa, ka ce wa Maman Khalifa ta fara yin faten ranar Asabar, ta rage tsamin yakuwar ta sa gyaɗa da kifi, yaran za su ci.

Baban Khalifa Tela: Zan gaya mata, amma zan ce daga Hajiya saƙon ya fito.